Layi na uku da na huɗu: inda ɗaliban kwamfuta ke maƙalewa a teburin gaskiya

Teburin gaskiya na "idan P, to Q" layi huɗu ne kacal, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan ajin farko na kimiyyar kwamfuta ya san cewa layi biyun ƙarshe, inda P ƙarya ce, su ke cinye rabin lakca, wani lokacin ma har da ta mako mai zuwa. Na farko da na biyu ba wanda ke musu a kai. Da an sauko na uku sai ka ga an fara ɗaga hannu, wani ya ce malam ta yaya za a fara magana da ƙarya kuma a ce gaskiya ce, wani kuma ya yi shiru ya haddace kawai don ya ci jarrabawa, kuma wannan na biyun shi ya fi damuna, don shekara biyu nan gaba shi ne zai rubuta sharaɗi a manhaja ya juya shi baibai bai ma san ya yi ba.

Abin da malamai da yawa ke yi shi ne su kawo maganganun yau da kullum, kuma ina ganin daidai ne a fara da su. Sai dai maganar yau da kullum ba ta zuwa ita kaɗai, tana zuwa da kayanta: lokaci, dalili, da abin da mai magana yake nufi amma bai furta ba. Lojik kuwa ba ruwansa da duk waɗannan, abu ɗaya yake kallo, wannan ɓangaren gaskiya ne ko ƙarya, wancan ma gaskiya ne ko ƙarya, shi ke nan. To idan malami bai zaɓi jumlarsa da hankali ba, misalin da ya kawo don ya sauƙaƙa shi ne zai ƙara rikita yaran.

Kafin a kai ga "idan" akwai abin da ake wucewa da sauri, kuma ya kamata a wuce da sauri ɗin. Magana a lojik ita ce jumlar da za a iya ce mata gaskiya ko ƙarya. "Ana ruwa" magana ce. "Wayata na da caji" magana ce. "Rufe ƙofa" umarni ne, ba ya shiga, "ƙarfe nawa?" tambaya ce, ita ma ba ta shiga. Ana ba kowace magana harafi, P ko Q, a rubuta T in gaskiya ce, F in ƙarya ce. Magana ɗaya layi biyu take buƙata, biyu layi huɗu, uku layi takwas, kowane ƙarin harafi ninka teburin yake yi, wato 2^n. Wannan ba ya ba su wahala. "Ba" ma ba ta ba su wahala, juya T zuwa F ne kawai.

"Da" tana da ɗan tarko amma ƙarami. A tebur P ∧ Q da Q ∧ P abu ɗaya ne, amma ka ce wa ɗalibi "ya faɗi kuma ya karye a ƙafa" sannan ka ce "ya karye a ƙafa kuma ya faɗi", zai ce maka labari biyu ne, kuma yana da gaskiya, a baki labari biyu ne, don kunne yana jin wanda ya fara faruwa. Shi ya sa a ranar farko gara ka kawo abubuwan da ba su da gaba da baya, kamar "ƙofa a buɗe take kuma fitila a kunne take". Ita kuma "ko", matsalarta ita ce yaran sun saba da ta zaɓi, irin "ko ka tafi ko ka zauna", wadda ba za a yi duka biyun ba. Ta lojik ta yarda da duka biyun. Misalin da ke aiki nan take shi ne na sharaɗi: "za a bar ka ka shiga in kana da katin makaranta ko takardar rajista". Ka tambaye su, wanda ya zo da duka biyun korarsa za a yi? Dariya za su yi su ce a'a. To layin T T ya zauna ke nan, sai ka gaya musu waccan ta zaɓin ma tana nan, sunanta XOR, za su haɗu da ita a darasin da'irar lantarki.

Sai babbar. Misalin da ya fi yawo shi ne "idan aka yi ruwa, ƙasa za ta jiƙe", kuma ni ban cika son a buɗe da shi ba. Ba wai kuskure ba ne, matsalar ita ce ruwa shi ke jiƙa ƙasa, akwai sababi a tsakani, ɗalibi sai ya ɗauka kibiyar nan → tana nufin "wannan ne ya jawo wancan". Daga nan in ka nuna masa layin da ba a yi ruwa ba, sai ya ce to ai maganar ba ta ma taso ba. Haka misalin alkawari, "idan ka ci jarrabawa zan saya maka keke", yana da kyau wajen nuna layi na biyu, amma yana ɗauke da wata ma'ana a ɓoye, don duk yaron da aka yi wa wannan alkawarin ya san abin da ake nufi shi ne in bai ci ba babu keke. Uban bai faɗi haka ba, amma kowa ya ji. Wannan gibin da ke tsakanin abin da aka furta da abin da aka fahimta, masanin falsafa Paul Grice ya yi dogon bayani a kansa, kuma a aji sakamakonsa shi ne ɗalibi ya cika layi na uku da F da cikakken ƙarfin gwiwa, don a ransa "idan" ta riga ta zama "idan kuma sai idan".

Jumlar da na fi gamsuwa da ita doka ce, irin wadda ake iya karyawa a kama mutum. A ce dokar ita ce: idan mutum yana cikin ɗakin jarrabawa, to yana da kati. P shi ne "yana cikin ɗakin", Q shi ne "yana da kati". Shiga ɗaki ba ya haifar da kati, don haka batun sababi ya fita. Sannan ka canza tambayar. Kada ka ce "wannan layin gaskiya ne?", ka ce "wannan mutumin ya karya doka?" Canjin ƙarami ne amma shi ne kusan duka dabarar.

Mutum na farko yana ciki kuma yana da kati. Ya karya doka? A'a. Na biyu yana ciki babu kati. Ya karya? E, a fitar da shi. Na uku yana da kati amma yana zaune a waje ƙarƙashin bishiya yana duba takardunsa, wataƙila jarrabawarsa sai da yamma. Ya karya? Ba wanda zai ce e, don dokar ba ta ce duk mai kati dole ya shiga ba. Na huɗu wani ne mai wucewa, ba ya ciki ba shi da kati. Ka kama shi ka ce ya karya dokar ɗakin jarrabawa? Sai a ce ka zautu. Da an gama sai ka rubuta T a duk inda doka ta tsira, F a inda ta karye:

```
P  Q  P → Q
T  T    T
T  F    F
F  T    T
F  F    T
```

Hanya ɗaya ce tak ta karya maganar, a samu P a rasa Q. In ɗalibi ya fita daga aji da wannan jumla ɗaya a kansa, ya riƙe abin da ya fi teburin kansa amfani.

Amma akwai mai kaifin kai da zai ce, malam "bai karya doka ba" daban, "gaskiya ce" daban, shi mai wucewan nan ai dokar ba ta shafe shi ba, me ya sa ba za a bar wurin ba komai ba, ko a rubuta "ba a sani ba". Wannan tambaya ce mai kyau, kuma bai kamata a rufe masa baki da "haka aka ce a littafi" ba. Masu binciken yadda mutane ke tunani sun daɗe da lura cewa yawancin mutane haka suke ji, in P ƙarya ce sai su ce maganar ba ta da alaƙa da lamarin. Kuma gardamar tsohuwa ce ƙwarai, tun zamanin Girkawa Philo na Megara ya riƙe wannan ma'anar ta tebur wasu na musa masa. Don haka yaron ba shirme ya yi ba.

Amsa ta gaskiya tana da hawa biyu. Na farko, a wannan tsarin mun amince tun farko cewa ƙima biyu ce kawai, T ko F, babu gurbi na uku, don haka dole a cika wuraren. To a gwada duk yadda za a iya cika su, hanya huɗu ce kawai, kuma ina son a bar ɗaliban su yi da hannunsu. Layi na farko T, na biyu F, waɗannan an gama. In aka sa F a na uku da F a na huɗu, abin da ya fito shi ne T F F F, wanda shi ne teburin "da" sak, ke nan "idan kana ciki kana da kati" ta zama "kana ciki kuma kana da kati", wanda ba wanda yake nufin haka. In aka sa F a na uku T a na huɗu, an samu T F F T, wato P da Q dole su zama iri ɗaya, ke nan mun kama mutumin ƙarƙashin bishiya da laifi. In aka sa T a na uku F a na huɗu, an samu T F T F, wanda in ka duba da kyau ginshiƙin Q ne kawai aka kwafa, P ba ta yi aikin komai ba. Abin da ya rage shi ne T da T. Sauran ukun duk sun riga sun zama wani abu daban.

Hawa na biyu ya fi ƙarfi, kuma a nan ne ake fara sakin maganar yau da kullum a kama lissafi. Ka rubuta a allo: kowace lamba, idan tana rabuwa da 4, to tana rabuwa da 2. Ka tambaya gaskiya ne? Duk ajin za su ce e. Kullum? Kullum. Madalla, to a saka 8: tana rabuwa da 4, tana rabuwa da 2, layi na farko. A saka 6: ba ta rabuwa da 4 amma tana rabuwa da 2, layi na uku ke nan. A saka 3: ba ta rabuwa da ko ɗaya, layi na huɗu. Kun ce maganar gaskiya ce ga kowace lamba, 6 da 3 ma lambobi ne, to in layi na uku ko na huɗu F ne, maganar da kuka amince da ita yanzun nan ta rushe. Layi na biyu kuwa, lambar da ke rabuwa da 4 amma ba ta rabuwa da 2, ku nemo ta, babu, kuma rashinta shi ne dalilin da maganar ta tsaya. A wannan gaɓar ne na fi ganin masu musu suna yin shiru irin na gamsuwa, don sun ga ba son ran wani ba ne, in ana son a iya cewa "kowane" to dole layukan nan su zama T.

Wani abu da nake ganin malamai na yi da wuri fiye da kima shi ne kawo jumloli irin "idan wata murabba'i ne, to ni sarkin duniya ne" a ce gaskiya ce. E, a tebur T ce. Amma in ka fara da ita yaran za su ɗauka lojik wasan rainin hankali ne. Ka ajiye ta sai sun ga misalin 4 da 2, lokacin za su iya dariya su kuma gane dalili.

Yadda za ka san ko abin ya shiga ko haddacewa aka yi, akwai gwaji da ya fi kowace tambayar jarrabawa tona asiri. Peter Wason, masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, shi ya fito da shi a 1966. Kati huɗu ne a kan tebur, kowanne da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗaya fuskar. Abin da ake gani shi ne E, K, 4, 7. Dokar ita ce idan kati na da wasali a fuska ɗaya, to lambar da ke bayansa mai rabuwa da 2 ce. Waɗanne katuna ne dole a juya don a tabbatar ba a karya dokar ba? Yawancin mutane E da 4 suke ɗauka, ko E kaɗai. Amsar ita ce E da 7. Katin 4 ko me ke bayansa ba zai karya doka ba, in wasali ne layi na farko, in baƙi ne layi na uku, duka T. Katin 7 kuwa in aka juya aka ga wasali, an samu P an rasa Q, doka ta karye. 'Yan kaɗan ne ke samun amsar daidai, har cikin ɗaliban jami'a.

Abin sha'awar shi ne a 1982 Griggs da Cox sun sake gwajin da tsari iri ɗaya amma suka mai da shi dokar shekarun shan giya, aka ce wa mutum ya ɗauka shi ɗan sanda ne yana neman mai laifi, sai yawancin mutane suka samu daidai. Lojik ɗin bai canza ba ko kaɗan, tufafinsa kawai aka canza. Wannan shi ne hujjar da ta fi ƙarfi cewa misalin doka yana aiki, kuma shi ne gargaɗi a lokaci guda, don wanda ya ci na dokar ba lallai ya ci na E K 4 7 ba. Shi ya sa nake ganin a ba su duka biyun a zama ɗaya. A fara da na haruffa, a bar su su faɗi, kada a gaya musu amsa. Sannan a kawo na ɗakin jarrabawa: ga mutum huɗu, ɗaya ka san yana ciki, ɗaya ka san yana waje, ɗaya ka san yana da kati, ɗaya ka san ba shi da shi, wa za ka bincika? Nan take za su ce na ciki, a duba katinsa, da marar kati, a duba ko ya lallaɓa ya shiga. Sai ka ce to ku koma kan katunan farko, wane kati ne "marar kati"? Sai ka ji ana cewa kai, 7 ne. Wannan haɗawar da suka yi da kansu ita ake nema, in aka tsaya a misalin dokar kaɗai to an koya musu aikin gadi ne kawai.

Daga wannan gwajin abubuwa biyu suke faɗowa ba tare da an sha wahala ba. Wanda ya ɗauki 4 ya juya maganar ne, ya ɗauka P → Q daidai take da Q → P, wato "duk na ciki yana da kati" ta zama "duk mai kati yana ciki". A sa su zana teburin biyun gefe da gefe, za su ga sun saɓa a layi na biyu da na uku, kuma mutumin ƙarƙashin bishiya shi ne shaidar. Wanda ya ɗauki 7 kuwa ya yi amfani da ¬Q → ¬P ko bai san sunanta ba: idan ba ka da kati, to ba ka ciki. Teburinta da na P → Q iri ɗaya ne layi da layi, kuma a kanta za su dogara nan gaba in aka zo darasin kafa hujja, misali a nuna cewa idan n² tana rabuwa da 2 to n ma haka, an fi sauƙin bi ta baya a ce idan n ba ta rabuwa da 2 to n² ma ba ta rabuwa.

"Sai idan" ma a nan take kamawa. "Ba za ka shiga ba sai kana da kati" da yawa suna rubuta ta Q → P, don sun ga kati a bayan kalmar sharaɗi sun ɗauka shi ne farkon kibiya. Tambayar dai ita ce waccan ta farko, wa ya karya? Wanda ya shiga babu kati. To P gaskiya Q ƙarya ne layin F, ke nan P → Q ce. Duk jumlar da ta rikice, a nemo mutumin da ya karya ta, shi zai nuna inda kibiyar ta dosa.

Sai kore magana. Ka ce su rubuta kishiyar "idan yana ciki, to yana da kati", akasarinsu za su rubuta "idan yana ciki, to ba shi da kati" ko "idan ba ya ciki, to ba shi da kati". Duka biyun ba daidai ba ne. Kishiyar doka ita ce abin da mai gadi zai rubuta a rahoto in ya kama mutum: yana ciki kuma ba shi da kati, P ∧ ¬Q, babu "idan" a cikinta ko ɗaya. In aka sake kore wannan da ƙa'idar De Morgan sai a samu ¬P ∨ Q, ko dai ba ka ciki ko kana da kati, kuma teburinta T F T T ne, daidai da na kibiya.

Wannan siffar ta ƙarshe ita ce gadar shiga kwamfuta, don yawancin harsunan da ake fara koya musu ba su da alamar kibiya, da `not` da `or` ake rubuta ta. Ina son su sa injin ya buga teburin da kansa, layi uku ne a Python:

```python
for p in (True, False):
    for q in (True, False):
        print(p, q, (not p) or q)
```

A nan kuma wani sabon ruɗani yake jiransu, don sun riga sun san `if` daga darasin rubuta manhaja kuma sun ɗauka ita ce kibiya. Ba ita ba ce. `if` umarni ne, in sharaɗi ya cika a yi kaza, in bai cika ba a tsallake, ba ta da T ko F nata na kanta. Kibiya kuwa iƙirari ce da ake iya gaskatawa ko ƙaryatawa. Wannan ma yana cikin abin da ke sa su ce layi na uku da na huɗu "babu komai", don a manhaja in sharaɗi ƙarya ne ba abin da ke faruwa. Gara a faɗa musu ɓaro-ɓaro tun ranar, kada a jira su gano.

Inda layukan nan biyu suke fitowa da gaske a manhaja shi ne wajen duba jeri. A ce an rubuta abin da zai tabbatar duk wanda ke ɗakin yana da kati, sai ɗakin ya zama babu kowa. Me ya kamata ya dawo?

```python
print(all([]))   # True
print(any([]))   # False
```

`all` a kan jerin da ba komai True take bayarwa, kuma ba kuskuren masu Python ba ne, dalilin dai shi ne ba a samu wanda ya karya ba. Amma ka yi tunanin manhajar da ke cewa in duk gwaje-gwaje sun wuce a saki aiki, sai wani kuskure ya sa jerin gwajin ya zo fanko. Za ta ce komai lafiya, alhali ba a gwada komai ba. Ɗalibin da ya fahimci mai wucewan nan na layi na huɗu zai san ya ƙara duba cewa jerin ba fanko ba ne.

De Morgan ma akwai kuskure ɗaya da kusan kowane ɗan ajin farko sai ya yi, kuma daga bakin magana yake kwaso shi. Yana son manhaja ta ci gaba da tambaya har sai an buga y ko n, a ransa yana cewa "muddin ba y ko n ba ne", sai ya rubuta:

```python
amsa = ""
while amsa != "y" or amsa != "n":
    amsa = input()
```

Wannan ba za ta taɓa tsayawa ba. Kada ka gyara masa, ka ce ya zana tebur. In amsa y ce, ɓangaren farko F na biyu T, "ko" ta ba da T. In n ce, T da F, T dai. In wani harafi ne daban, T da T. Layin F F kaɗai zai tsayar da ita, kuma wannan yana buƙatar amsa ta zama y kuma ta zama n a lokaci ɗaya, abin da ba zai yiwu ba. Abin da yake nufi shi ne ¬(A ∨ B), wanda ya zama ¬A ∧ ¬B, wato `and` ya kamata ya sa. Ya shigar da "ba" cikin baka amma ya manta ya juya "ko" ta koma "da". Ranar da tebur ya cece shi daga manhajar da ta ƙi tsayawa, ranar yake daina kallonsa a matsayin aikin gida na dole.

Tarihi ba na ba shi lokaci da yawa, amma minti biyu ba asara ba ne: George Boole ya mai da tunani lissafi a 1847 da 1854, tebur a siffar da muka sani ya yaɗu ne ta ayyukan Emil Post da Ludwig Wittgenstein wajen 1921, sannan Claude Shannon a 1937 ya nuna cewa lissafin Boole shi ne lissafin da'irar makunnan lantarki. Amfanin faɗar wannan shi ne su san T da F ɗin da ke allo su ne 1 da 0 ɗin da ke cikin injin.

Wajen jarrabawa, tambayar "cika wannan teburin" ba ta auna komai sai haƙuri da tsafta, duk wanda ya haddace tebur huɗu zai cika layi takwas ba tare da ya san me yake yi ba. Waɗanda suka fi nuna gaskiyar ɗalibi su ne a ba shi jumla ya mai da ita alama, ko a ba shi maganganu biyu a ce iri ɗaya ne ko a'a, in a'a ya kawo mutum ɗaya ko lamba ɗaya da ta raba su. Misali a ba shi "idan waya na kunne, to batirinta na da caji" da "idan batirin na da caji, to wayar na kunne". Amsar da ake so gajeriya ce: waya mai cikakken caji da aka kashe aka sa a aljihu. Wanda ya iya kawo wannan ya gane layi na uku. Wanda ya zana tebur biyu daidai amma ya kasa cewa wace waya ce a layin da suka saɓa, a zaunar da shi a sake ba shi katunan E, K, 4, 7, amma a canza haruffan da lambobin don kada ya tuno amsar ranar.